Ƙawata gida don walimar daren sabuwar shekara: tambayoyin da ba sa ƙarewa

Wane jigo zan zaɓa?

Launi biyu, in ya yi yawa uku. Dubi labulenki da kujerunki, ki ɗauki launi ɗaya daga cikinsu, ki haɗa shi da ruwan zinare ko na azurfa. Jigo ya samu. Duk abin da ba ya cikin launukan nan, komai kyansa, kada ya shigo falon.

Sai na ƙawata kowane ɗaki?

A'a. Ƙofar shiga, bango ɗaya da za a riƙa tsayawa ɗaukar hoto, da teburi. Sauran gidan shara yake so, kuma duk abin da kika rataya ke za ki sauke shi.

Farar fitila zan saya ko mai ruwan ɗorawa?

Karanta kwalin. In an rubuta 2700K zuwa 3000K, haskenta mai taushi ne, shi ke gyara fuskar mutane a hoto. In 6000K ko 6500K ne, fari ne fat irin na ofis. Ɗauki mai 2700K zuwa 3000K, kuma kada ki gauraya su a ɗaki ɗaya. Ki kashe babban ƙwan da ke tsakiyar silin, ki bar haske ya fito daga kusurwoyi, amma hanyar bayan gida da matakala su kasance da haske sosai.

Igiyoyin fitila nawa zan iya jonawa a ekstenshan ɗaya?

To, wannan kam a zauna a saurara, domin a nan ake ƙona gida. Ba ni da lamba ɗaya da zan ba kowa, kuma wanda ya ce maka "biyar" ko "goma" bai ga kayanka ba, cinta kawai ya yi. Abin ya danganta da irin fitilun, da ƙarfin ekstenshan ɗin, da kuma abin da ke jone tare da su.

Fara da juya ekstenshan ɗin ka duba bayansa. Za ka ga lamba da harafin A, sau da yawa 13A ko 10A. Ninka ta da ƙarfin wutar ƙasarku. Inda wuta take bolt 230, mai 13A yana ɗaukar kusan wat 3000, mai 10A kuwa wat 2300. Inda take bolt 120, lissafin ya sauko kusan rabi, sai a ƙara kula. Wannan ita ce iyaka, kuma ni ba na son a kai bakinta, musamman ga abin da zai kwana a kunne. A bar rata.

Yanzu mu ɗauki falo ɗaya mu lissafa. Ka rataya igiyoyi shida na LED, kowace an rubuta mata 6W, wat 36 ke nan. Sifika ta ce 200W, fanka ta ce 60W. Jimilla 296. Ka ga ko kusa da iyaka ba a je ba, don haka kwantar da hankalinka, ƙananan fitilun nan ba su ne abin tsoro ba. Matsalar tana zuwa ne da ƙarfe sha ɗaya na dare, lokacin da wani baƙo ya ga rami ɗaya babu kowa ya jona butar lantarki mai 2200W. Jimilla ta koma 2496. Mai 13A zai iya jurewa, mai 10A an riga an wuce ƙarfinsa. In aka ƙara hitar ɗumama ɗaki mai 1000W, an kai 3496, duka biyun sun gaza. Saboda haka duk abin da aikinsa yin zafi ne, buta, hita, dutsen guga, ya tafi soket ɗin bango shi kaɗai. Ramin da ya rage a ekstenshan, rufe shi da salatif tun kafin baƙi su zo.

Sai dai akwai wata iyakar daban, ita ce ta igiyar kanta. Masu jonuwa baki da baki, duk wutar da ta ƙarshe ke ja ta cikin siririyar wayar ta farko take bi, shi ya sa kamfani ke rubuta adadin da za a iya jerawa. Bi abin da aka rubuta. In kwalin ya ɓace, ni dai shawarata kowace ta samu raminta. Tsofaffin fitilu masu ƙwan gilashi kuwa, mai ƙwai ɗari tana iya jan wajen wat 40 kuma tana zafi, kada ta taɓa labule ko adon takarda.

Duk wannan lissafin ya dogara ne da cewa lambar da ke jikin ekstenshan gaskiya ce, kuma wani ƙaramin mai siririyar waya ba ya kai abin da ya faɗa. Don haka a gwada. Kwana ɗaya kafin walima, kunna komai na awa guda, sannan ka taɓa fulogi da wayar. Ɗan ɗumi a jikin adafta ba komai ba ne. Zafin da zai sa ka janye hannu, ƙaurin roba, ƙarar tsartsatsi, fitila mai kyaftawa da kanta, ko baƙi-baƙi a bakin soket, cire nan take, kada a sake amfani da shi. Kada a jona ekstenshan a cikin ekstenshan. Mai naɗewa a gangarsa a warware shi duka, domin a naɗe zafi yake tarawa. Kuma kada waya ta bi ƙarƙashin kafet, inda za a tattaka ta ba mai gani. In gidan tsohon wayarin ne da shi, ko wuta na yawan yankewa da an ƙara kaya, lissafina bai isa ba, a kira mai gyaran wuta ya duba.

Zan iya fitar da fitilun tsakar gida?

In an rubuta IP44, wato alamar jure fantsamar ruwa, ko sama da haka. In babu, na ɗaki ne. Mahaɗar fulogi kada ta kwanta a ƙasa.

Kyandir fa?

Na sha faɗa, ɗaki cike da mutane da yara da mayafai ba wurin harshen wuta ba ne. Akwai na batir. In kin nace, sa shi cikin kofin gilashi mai zurfi, nesa da labule da balan-balan, kuma mutum ɗaya ya ɗauki nauyin kashewa. Na batir ɗin ma a duba murfinsa, ƙaramin batir mai kama da maɓalli yana iya kashe yaron da ya haɗiye shi.

Yaushe zan hura balan-balan?

Na iskar baki, tun jiya ma ya yi. Na roba mai gas ɗin da ke ɗaga shi sama, awa takwas zuwa sha biyu yake yi ya fara saukowa, don haka da yamma za a hura, in ana so ya kai sha biyun dare. Wanda ya fashe a tsince shi nan da nan saboda ƙananan yara.

Salatif ya ɓare min fenti bara, yaya zan yi bana?

Haba 'yar'uwa, farin salatif a kan fenti? Yi amfani da na takarda irin na masu fenti, ki fara gwada shi a bayan kujera. Wajen cirewa a ja a hankali, kwance da bango. In ya ƙi, ɗan ɗumama shi da na'urar busar da gashi. Mafi sauƙi ma, ɗaura zare ɗaya daga sandar labule zuwa ƙusar hoto, ki rataya komai a kansa.

Garin ƙyalƙyali da yankakkun takardun watsawa?

Garin, kada ya shigo gidanki, sai ki yi watanni kina ganinsa a kafet. Takardun, manya, kuma a watsa a busasshen daɓe, domin masu launi suna zuba in sun jiƙe.

Shara ai sai da safe ko?

Rabinta tun kafin a fara ake yin ta. Naɗe kafet mai tsada, shimfiɗa leda a ƙarƙashin mayafin teburi, ajiye kwandon shara biyu inda kowa zai gani, da ledoji na canji a gindinsu, tsumma da tsintsiya kuma a kusa. Kwalayen adon kada a zubar, cikinsu za su koma. Kafin a kwanta abu uku ne dole: a kashe kyandir a zare fulogi, a goge duk abin da ya zube kafin ya kama, a ɗaure shara a fitar. Da safe a fara daga sama, a sauke ado, a goge tebura, ƙasa ta zo ƙarshe. Kowace igiyar fitila a naɗe ta a jikin guntun kwali, wadda ta mutu ko wayarta ta ɓare a ware ta tun yanzu.

Kyandir ya ɗiga a mayafin teburi.

Kada ki goge shi da ɗuminsa. Sa ƙanƙara ya daskare, kankare da bayan cokali, ɗora farar takarda sama da ƙasa, ki bi da dutsen guga mara zafi sosai, kina canza takardar har ta daina shan mai, sannan a wanke.