Yaron da ya kai bakin teku: waiwaye kan gardamar da aka faro a 1959

A fadarmu ta unguwar Bukoki, nan Yamai, akwai wani tsohon malamin lakwal da ya yi ritaya, da kuma wani matashi mai haɗa bidiyon biki. Wani dare matashin ya zo da kwamfutarsa, muka kalli wani tsohon fim na Faransa marar launi, Les Quatre Cents Coups. Da hoton ƙarshe ya tsaya cak a kan fuskar yaron, malamin ya aje kofin shayinsa ya ce, "To, ya kuɓuta." Matashin ya girgiza kai. "A'a Baba, ai kama shi aka yi." Abu ɗaya suka gani, a allo ɗaya, a daƙiƙa ɗaya. Gardamar da suka shiga daren nan ta girmi matashin nesa ba kusa ba, don tun shekarar da fim ɗin ya fito ake yin ta.

François Truffaut ne ya yi fim ɗin, yana da shekara 27. Kafin nan ɗan jarida ne mai sharhin fina-finai, mai kaifin alƙalami, har masu bikin fina-finai na Cannes suka hana shi shiga a 1958. Da shekara ta zagayo ya koma da fim ɗinsa, ya ɗauki kyautar gwanin masu ba da umarni. Sunan fim ɗin kan ruɗi mutane, su ɗauka bulala 400 ake nufi, alhali a bakin Faransawa maganar tana nufin ƙiriniya da gagara, irin ta yaron da ya fi ƙarfin gida. Yaron shi ne Antoine Doinel, wanda Jean-Pierre Léaud ya fito a matsayinsa yana ɗan shekara 14. Uwarsa ba ta damu da shi ba, mijin uwar ne ke riƙonsa, malaminsu kuma ya sa masa ido. Ya yi ta gudun lakwal da ƙarya, har ya saci keken rubutu a ofishin mijin uwar. Da ya kasa sayarwa sai ya tafi mayarwa, a nan mai gadi ya cafke shi. Daga ofishin ƴan sanda aka wuce da shi gidan horon yara. Truffaut da kansa ya taɓa zama a irin wannan gida yana matashi, kuma masanin fim André Bazin ne ya tsaya masa a rayuwa. Bazin ya rasu a watan Nuwamba 1958, daidai lokacin da aka fara ɗaukar fim ɗin, shi ya sa aka sadaukar masa da shi.

Ga abin da ido ke gani a ƙarshen. Yara na buga ƙwallo a fili, Antoine ya jefa ƙwallon, ya sulale ta ƙarƙashin shingen waya. Mai tsaro ya bi shi, ya ɓuya a ƙarƙashin wata ƴar gada. Sai gudu a gefen hanyar ƙauye, kyamara na biye da shi daga gefe, fiye da minti guda ba a yanke hoton ba, kuma ba kiɗa, sai ƙarar takunsa. Daga nan ya sauko wani matakala zuwa kan yashi, ya nufi ruwa, ya shiga da takalmansa har ruwan ya rufe masa ƙafa. Ya juyo, ya ɗan taka, ya dubo mu. Hoton ya daskare, aka matso da fuskar kusa, aka rubuta kalmar FIN, wato ƙarshe, a kanta. A gaɓar Villers-sur-Mer ta yankin Normandie aka ɗauki wurin.

Hujjar malamin mai sauƙi ce, kuma tana da ƙarfi. Can baya a fim ɗin Antoine ya faɗa wa abokinsa René cewa bai taɓa ganin teku ba, yana so ya gani. Mu mutanen Nijar wannan magana ba ta buƙatar fassara. Malamin ya ce shi sai da ya haura talatin ya ga teku a Kwatano, kuma ya tsaya ya kasa cewa komai, kamar yadda yaron ya yi. Yana ganin wannan shiru na wanda ya sami abin da ya daɗe yana nema ne. Ya ƙara da cewa a duba faɗin hoton. Tun farkon fim yaron a matse yake: yana kwana a lungun shiga gida, ana tsayar da shi a kusurwar aji, an kulle shi a kejin waya, ya leƙa titunan Paris ta bayan ƙarafunan motar ƴan sanda yana hawaye. An ɗauki fim ɗin da faffaɗan allo, amma sai a bakin teku ne faɗin ya zama nasa shi kaɗai, ba bango, ba babba ko ɗaya. Kuma a hoton ƙarshen ba a ga mai binsa ba. In da Truffaut na so mu san an kama shi, in ji malamin, inuwar mutum ɗaya a kan yashi ta isa.

Matashin bai musa ko ɗaya ba. Cewa ya yi Baba ya tsaya a gudun, shi kuwa tsayuwar yake kallo. Mai gudu yana da gaba muddin akwai ƙasa. Teku kuwa iyaka ce, yaron ba shi da jirgi, ba ko sisi a aljihunsa, kayan gidan horo ne a jikinsa. Da ya taɓa ruwan me ya yi? Bai yi tsalle ba, bai yi dariya ba, juyowa ya yi ya fuskanci inda ya baro. Sai ya mayar da fim ɗin baya zuwa ofishin ƴan sanda, inda aka dangwala yatsun Antoine a tawada aka ɗauke shi hoto, ana juya masa kai da hannu kamar akuyar da ake dubawa a kasuwa. Fuska ce tsayayya a cikin firam, tana kallon na'ura. Ya ce hoton ƙarshe ɗan'uwan wannan ne, kuma matsowar da ake yi kan fuskar kamar rufe ƙofa take, don tana cinye teku da sararin sama har ba abin da ya rage sai kan yaron.

Akwai abubuwa biyu da ke goyon bayansa waɗanda mai kallon farko kan manta. A gidan horon an nuna wani yaro da ya tsere aka dawo da shi, sauran yara na kallo, wato fim ɗin ya riga ya gaya mana yadda irin wannan gudu ke ƙarewa. Na biyun ya fi ciwo. Lokacin da uwar Antoine ke gaban alƙali, ita ce ta roƙi a kai shi wurin da ke kusa da teku. Ke nan tekun da yake mafarki tana cikin tsarin hukuncin da aka yanke masa. Ni a nan ne nake jingina ga matashin. Amma malamin bai bari ta wuce ba, ya ce, "Ɗana, shi wancan yaron da aka dawo da shi, ka ji ya yi nadama? Cewa ya yi zai sake." Haka ne kuwa, hujja ɗaya ta yi wa kowa aiki.

Abin da ya sa fuskar kanta ba ta raba gardama shi ne ba ta faɗin komai. Masu fim sun san wannan tun gwajin Lev Kuleshov a Rasha wajen 1920, inda aka haɗa fuska guda marar motsi da kwanon miya, da akwatin gawa, da mace, masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa. Abin da aka aje kusa da fuska shi ke ba ta ma'ana. Truffaut ya cire wannan makwabci. Bai nuna mana abin da yaron ke kallo ba, don haka kowa ke cike gurbin da abin da ya fi riƙewa daga baya: mai riƙe da gudun ya ga ƴanci, mai riƙe da kejin ya ga tarko.

Yadda aka yi daskarewar ma yana da labari. Fim na tafiya ne da hoto 24 a daƙiƙa. Yau matashinmu da danna maɓalli ɗaya yake tsayar da amarya tana murmushi, amma a 1959 sai an kai ɗakin wanke fim, a zaɓi hoto ɗaya a yi ta sake buga shi: tsayuwar daƙiƙa 5 na cin kwafi 120. Matsowar ma a can aka yi ta, ba da kyamara a bakin ruwa ba, shi ya sa fuskar ke ƙara yin tsaki-tsaki kamar hoton jarida. Truffaut ya ba da labari daga baya cewa ya umarci Léaud ya dubi kyamara, yaron ya duba amma nan take ya kawar da ido, shi kuma wannan ɗan kallon yake so, sai ya tsayar da shi. Wasu kan ɗauki wannan su ce ashe gyaran kuskure ne, ba wata ma'ana. Ban yarda ba. Kallon kyamarar da gangan aka nema, kuma a al'adar fim ta lokacin ɗan wasa ba ya haɗa ido da ƴan kallo. Daga nan ne fahimta ta uku ta fito, wadda ba ta damu da ko an kama shi ba: yaron mu yake tuhuma, mu manya da muka zauna muna kallo.

An yi zaton ci gaban labarin zai kashe maganar. Truffaut ya dawo da Antoine, da Léaud ɗin dai, har sau huɗu: Antoine et Colette a 1962, Baisers volés a 1968, Domicile conjugal a 1970, da L'Amour en fuite a 1979. A na 1962 yana ɗan shekara 17, yana da ɗakinsa, yana aiki a kamfanin faifan kiɗa na Philips. Masu cewa ya kuɓuta suka ce ga shi nan ya rayu ya zama mutum. Ɗaya ɓangaren suka ce a dube shi da kyau, har ya girma bai iya zama wuri ɗaya ba, daga wannan aiki zuwa wancan, daga aure zuwa saki, gudun dai bai ƙare ba. Ni ina ganin waɗannan fina-finai ba su da hurumin yanke hukunci kan hoton 1959, don wanda ya zauna a silima a shekarar bai san da su ba, kuma hoton an gina shi ne don ya tsaya da ƙafarsa.

Wajen shayi na uku matashin ya koma kan daƙiƙun ƙarshe, yana matsawa hoto bayan hoto, wai zai nuna wa Baba inda idon yaron ya karaya. Ya tsaya a wani, bakin a ɗan buɗe, gashin goshi iska ta ture shi gefe. Malamin ya gyara tabarau, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allo, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a mayar masa da wurin gudun, daga shingen waya.