Mene ne "ɓoyayyen sukari" a jikin kwalin abincin yara?

Idan likitan yara ko ma'aikaciyar asibiti ta ce wa uwa ta kula da ɓoyayyen sukari, tana nufin sukarin da kamfani ya riga ya zuba a cikin lemo ko hatsin karin kumallo na kwali tun kafin a sayo shi. Uwa ba ta ɗebe shi da cokali ba, don haka ba ta saka shi a lissafi. Amma yana nan a rubuce a bayan kwalin, da ƙananan baƙaƙe na Turanci.

A shagunan Titin Ahmadu Bello da na kewayen Taminus a Jos, za ka ga gaban kwali cike da hoton 'ya'yan itace da alkawarin bitamin. Ka juya bayansa. Akwai jadawali, kuma layin da ake nema shi ne "of which sugars" ko "Sugars", yawanci a ƙarƙashin "Carbohydrate". Lambar da ke gabansa giram ce, kuma giram 4 ya yi daidai da cokalin shayi ɗaya a shafe.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne, lambar nan sau da yawa ba ta kwalin gaba ɗaya ba ce. A ce lemon da ake saka wa yaro a jakar makaranta mililita 250 ne, jadawalin kuma ya nuna giram 11 a ƙarƙashin "per 100ml". Uwa za ta ga 11 ta ce ai ba yawa. To amma yaron kwalin duka zai shanye, wato ɗarin nan sau biyu da rabi. Giram 27 da rabi ke nan, kusan cokali bakwai, a cikin abin da bai kai ya kashe masa ƙishi ba.

Hatsin kwali nasa salon daban ne. A nan layin "per serving" ne ke ruɗar mutane, domin kamfani ne ya yanke abin da yake kira ci ɗaya, galibi giram 30. Wanda ya taɓa auna giram 30 ya san da ƙyar yake rufe gindin kwano. Idan an rubuta sukari giram 9 a ci ɗaya, aka cika wa yaro kwano da ninki biyu na wannan awo, ya ci giram 18. Sai kuma a ƙara cokali biyu a kai saboda sabo, giram 8 ke nan. Haɗa da lemon jaka, yaron ya haura giram 50 kafin a tashi daga makaranta.

Nawa ne ya kamata? A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada irin wannan sukari ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana, kuma ƙasa da kashi 5 ya fi. Hukumar lafiyar Birtaniya ta mayar da shi giram: 19 a rana ga ɗan shekara 4 zuwa 6, 24 ga ɗan shekara 7 zuwa 10. Lemon nan shi kaɗai ya wuce kason yini. Abin da ya fi damuna shi ne haƙori, domin yaron da ke kurɓar zaƙi kaɗan-kaɗan tun safe, haƙorinsa ba ya samun hutu daga tsamin da ke cinye shi.

Don kwatanta kwali biyu, a yi amfani da layin giram 100 kawai. Hatsin da sukarinsa bai wuce giram 5 ba yana da sauƙi, wanda ya haura 22 da rabi kuwa ya yi yawa.

Sai jerin kayan haɗi, wato "Ingredients". Ana jera su ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta, don haka idan sukari ya zo na biyu, an san matsayinsa. Wani lokaci kuma ana raba shi gida-gida da sunaye kamar "glucose syrup", "fructose", "dextrose" da "malt extract", kowanne ya sauka can ƙasan jeri kamar ba komai ba. Zuma ma sukari ce a wannan lissafi. Haka ruwan 'ya'yan itace mai rubutun "no added sugar": ba a ƙara ba, gaskiya ne, amma nasa na asali yakan kai kusan giram 10 a mililita 100, kuma hukumar ta duniya tana ƙirga shi tare da sauran.

Madara kuwa tana buƙatar sassauci. Tana da sukarinta na halitta, kusan giram 5 a mililita 100, wanda ba ya cikin wanda ake gudu. Saboda haka idan yogot ko madarar kwali mai ɗanɗanon cakulan ta nuna giram 12 a mililita 100, a cire 5. Abin da ya rage, kusan 7, shi ne aka zuba. Idan ruwa ne na farko a jerin kayan haɗin, madarar kaɗan ce, abin cirewar ma bai kai 5 ba.