Fassarar takardar tambayoyin bincike: idan ta koma Turanci daidai, shi ke nan?

Tambaya: Malam, na fassara takardar tambayoyin bincikena daga Turanci zuwa Hausa, na ba wani ya mayar da ita Turanci, ta fito kusan iri ɗaya da ta asali. Zan iya fara tattara bayanai?

Dakata tukuna, ɗan'uwa. Abin da ka tabbatar zuwa yanzu shi ne mutum biyu masu jin harsunan biyu sun fahimci juna. Wanda zai amsa maka kuwa, wataƙila Hausa kaɗai yake ji, kuma bai taɓa ganin ta Turancin ba.

Ɗauki tambayar da ake yi kusan a kowane bincike, wato yawan mutanen gida. A Turanci, kalmar da masu bincike ke amfani da ita tana da ƙayyadaddiyar ma'ana: mutanen da ke zaune wuri ɗaya kuma suna ci daga tukunya ɗaya. Mai fassara ya rubuta "Mutum nawa ne a gidanku?" Mai mayarwa ɗan boko ne, ya saba da irin waɗannan takardu, yana ganin jimlar ya gane abin da ake nufi, ya mayar da ainihin kalmar Turancin. Takardu biyu sun dace tsaf. Amma a bakin mai amsa, "gida" yana iya ɗaukar duk wanda ke cikin katanga ɗaya, har da ƙannensa da iyalansu da kowa ke girkinsa daban. Sai ya ce maka ashirin da biyu, alhali bakwai kake nema. Duk lissafin da za ka raba da wannan adadin, kamar kuɗin shiga na kowane mutum, ya karkace ke nan. Kuskuren yana nan a Hausar, ƙwarewar mai mayarwa ce ta rufe shi.

Akwai kuma akasin haka. Fassarar da ta bi Turanci kalma da kalma ita ce ta fi komawa Turanci sumul, domin ƙashin Turancin yana nan a cikinta. Sau da yawa ita ce kuma mai amsa zai ce "sake faɗa, ban gane ba".

Tambaya: To mene ne amfanin mayar da fassarar?

Tana kama manyan kurakurai: jimlar da aka tsallake, "ba" ɗin korewa da ya ɓace, wata da ya koma mako. Wani masani mai suna Richard Brislin ne ya fito da tsarin sosai a 1970, kuma har yau kwamitocin amincewa da bincike da dama suna neman a nuna an yi. Sharaɗinta shi ne mai mayarwa kada ya taɓa ganin ta asali, kada kuma a yi masa bayanin binciken. Ni dai ina ɗaukar ta a matsayin rariya mai manyan ƙofofi: tana tare tsakuwa, yashi kuwa ya wuce.

Tambaya: A ina kuskure ya fi ɓoyewa?

A cikin zaɓin amsoshi, wurin da mutane suka fi rainawa. Bari mu bi misali ɗaya har ƙarshe.

Akwai ma'aunin PHQ-9 da ake gwada alamun ciwon damuwa da shi. Tambayoyi tara ne, kowace tana tambayar sau nawa abu kaza ya dami mutum cikin mako biyu da suka wuce. Amsoshin huɗu ne masu maki 0 zuwa 3: ko kaɗan, wasu kwanaki, fiye da rabin kwanakin, kusan kullum. Jimillar maki tana kaiwa 27, kuma galibi daga 10 ake cewa mutum yana bukatar a ƙara duba shi.

Kalmar Turancin da ke matakin maki 1 tana nufin kwanaki fiye da biyu amma ba masu yawa ba. A ɗauka mai fassara ya rubuta "kwanaki da yawa". Yanzu ga wata mata da barci ya ƙaurace mata kwana tara cikin goma sha huɗu. Amsarta ta gaskiya ita ce fiye da rabin kwanakin, maki 2. Ana karanta mata zaɓin, tana jin "kwanaki da yawa" sai ta ce "e, wannan", domin a wurinta kwana tara ai da yawa ne, ba za ta jira sauran ba. Aka rubuta mata 1. Idan tana da alamu shida da kowace ta cancanci maki 2, jimillarta 12 ce. In huɗu daga ciki suka zame zuwa 1, ta koma 8. Ta faɗo ƙasa da 10, aka lissafa ta cikin masu lafiya, ba wanda zai tura ta ganin likita. Wannan ne yake sa ni tsayawa kan kalma ɗaya har abokan aiki su gaji da ni.

Gyaran ba shi da wahala: "wasu 'yan kwanaki" a mataki na 1, yadda kowane mataki zai fi na bayansa nauyi a kunnen Bahaushe. Alamar da za ta nuna maka matsalar a gwaji ita ce amsoshi su taru a zaɓi ɗaya, na kusa da shi ya zama kusan ba mai taɓawa.

Ka kula da "damuwa" ma. Tana ɗaukar fargaba, da baƙin ciki, da tunanin bashi, da abin da ya hana ka sakat. Turancin ya raba su, don haka idan ka sa ta a tambayoyi uku daban, mai amsa zai ji kamar abu ɗaya kake maimaita masa.

Tambaya: Wane tsari zan bi ke nan?

Tsarin da wata mai bincike, Dorcas Beaton, da abokan aikinta suka fitar a 2000 don ma'aunan lafiya yana da kyau. Mutum biyu waɗanda Hausa ce harshensu na farko su fassara, kowa shi kaɗai. Ɗaya ya san fannin, ɗayan bai sani ba, domin shi ne zai kawo maganar da mutane ke yi. Su zauna su haɗa guda ɗaya. Wasu biyu su mayar da ita Turanci. Sannan kwamiti ya duba duk takardun, a gwada a kan mutum 30 zuwa 40. Wasu manyan bincike, irin na ra'ayin jama'a da ake yi a ƙasashen Turai, sun fi dogara da tsarin Janet Harkness, inda tawaga ke tattauna kowace jimla a maimakon jingina da mayarwa.

In ƙarfinka bai kai ba, rage komai amma kada ka rage gwaji. Zauna da mutum goma irin waɗanda za ka tambaya, maza da mata, masu karatu da marasa shi. Karanta tambayar da baki kamar yadda za a yi a fili. Bayan ya amsa ka ce: "Faɗa mini da bakinka abin da na tambaye ka." Sannan: "Da ka ce mutum goma sha biyu, su wa da wa ka ƙirga?" A nan ne matsalar "gida" take fitowa cikin minti ɗaya.

Tambaya: Idan na canza jimla, ban ɓata ma'aunin ba?

Ma'ana ake karewa, kuma wani lokaci sai an tsawaita jimla kafin ta tsaya. Abin da ba a taɓawa shi ne yawan tambayoyi, yawan zaɓi, jerinsu, da tsawon lokacin da ake tambaya a kai. Idan takardar taka ce, kana iya gyara Turancin ma ya daidaita da Hausar. Idan ta wasu ce, fara da bincika ko akwai fassarar da aka riga aka gwada, kuma ko ana bukatar izini.

Buɗe jadawali mai layi ɗaya ga kowace tambaya: ta asali, fassarori biyu, wadda aka mayar, wadda aka tsayar, da dalilin canjin. Kuma ka hana masu tattara bayanai riƙe ta Turancin suna fassarawa da ka a gaban mai amsa. In su shida ne, takarda shida daban ka tura fili.