Me ya sa OCR ke rikita sifili da O, da 1 da ƙaramar l?

Na ɗauki hoton takardar lissafi, rubutu ya fito daidai, amma a jerin lambobi sai in ga O a wurin 0. Me ke kawo haka?

OCR, wato manhajar da ke karanto rubutu daga hoto, ba lamba take gani ba, ɗigo-ɗigon baƙi da fari take gani, sai ta kintaci harafin da suka fi kama da shi. Sifili da O duk zobe ne, sifili dai ya ɗan fi tsukewa. Haka 1 da l, sanda ce tsaye, ɗan ƙugiyar da ke kan 1 ce ta raba su. A rubutu mai girman 10, idan an ɗauka a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, tsayin lamba bai wuce ɗigo 30 ba. A 150 dpi kuwa rabin haka ne. Tawada ta ɗan bazu, ko takarda ta sha kwafi, shi ke nan ƙugiyar ta tafi.

To me ya hana ta kuskure a cikin kalmomi?

Maƙwabta. In ta ga "1ittafi", haruffan da ke gefe za su nuna mata "littafi" ake nufi. Lamba ba ta da wannan gatan: 410 daidai ne, 418 ma daidai ne, kuma "41O" na iya zama lambar kaya. Wani lokacin ma manhajar ce ke da gaskiya, domin tsofaffin tafireta da yawa ba su da maɓallin 1, ƙaramar l ake bugawa a madadinsa.

Ta yaya zan gane an samu matsala?

Nan ne haɗarin yake. A ce takarda na ɗauke da 1050, 2300 da 410, jimilla 3760. OCR ta ba ka l050, 2300 da 41O. A Excel, `SUM` ba zai yi ƙorafi ba, tsallake biyun zai yi don ya ɗauke su rubutu ne, ya miƙo maka 2300 hankali kwance. Duba jerin da ido: lambobi na jingina dama, rubutu na jingina hagu, muddin ba a taɓa saitin ba. Ko ka sa `=ISNUMBER(B2)` a gefe, ka ja ƙasa, duk inda FALSE ya fito ka koma kan takarda.

Akwai magani tun daga tushe?

Sake ɗaukar hoton a 300 dpi, sannan ka yanko jerin lambobin kaɗai, ka hana manhajar zaɓen haruffa. A manhajar OCR ta Tesseract:

```
tesseract jeri.png fita --psm 6 -c tessedit_char_whitelist=0123456789.,
```

Sai dai a kula, wannan tilas ne aka yi mata, ba ganinta ya ƙaru ba. In akwai B ko S na gaskiya a jerin, tana iya mai da su 8 da 5, kuma `ISNUMBER` ba zai kama wannan ba. Jimillar da aka buga a ƙasan takardar ce za ta tona shi.