Ƙa'idar Kashi 3.5 Cikin Ɗari: Abin da Manajan Asusu Zai Iya Cira Daga Jarinka Duk Shekara

Duk wanda ya sa kuɗinsa a asusun zuba jari na haɗaka a Najeriya, irin wanda mutane da yawa ke tara kuɗi wuri ɗaya wani kamfani ya juya musu, yana biyan kuɗin hidima ko ya sani ko bai sani ba. Hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannayen jari, wato SEC, ta yi wa wannan kuɗi iyaka. Ƙa'idarta ta ce jimillar abin da asusu zai kashe a shekara, har da ladan manaja, kada ta wuce kashi 3.5 cikin ɗari na darajar dukiyar asusun bayan an fitar da basussukan da ke kansa. A da iyakar kashi 5 ce, aka rage ta.

Cikin wannan kason ake biyan kamfanin da ke juya kuɗin, da amintaccen da ke tsaya wa masu jari, da bankin da ke ajiye kadarorin, da mai riƙe rajistar sunaye, da masu binciken lissafi. Idan asusun na halal ne, akwai kuma malaman da ke duba ko ana bin Shari'a. Duk waɗannan aiki suke yi, ba laifi ba ne a biya su. Abin da ya kamata a fahimta shi ne a kan me ake lissafa kason, kuma sau nawa.

Ba a kan riba ake lissafa shi ba. A kan dukkan jarin ne, uwa da riba, kuma kowace shekara. Dillalin kasuwar shanu yana karɓar la'adarsa sau ɗaya, ranar da ciniki ya faɗa. Shi kuwa asusu, la'adarsa tana dawowa duk shekara a kan dukkan garken, ko an sayar ko ba a sayar ba, ko shanun sun yi ƙiba ko sun rame. Kuma babu wanda zai turo maka takardar neman biya. Ana fitar da kuɗin ne daga cikin asusun kafin a faɗi farashin kason da kake riƙe da shi, don haka lambar da kake gani a wayarka ta riga ta sha aski.

Mu ɗauki misali, na lissafi kawai. Mutum biyu kowa ya zuba naira miliyan 1, suka bar ta shekara 20 ba tare da ƙari ko ragi ba. A ce asusun kowannensu yana samun ribar kashi 15 cikin ɗari a shekara kafin a cire kuɗin hidima. Asusun na farko yana cire kashi 1.5, na biyun yana cire kashi 3.5, wato ya kai iyakar da doka ta yarda. Ke nan na farko jarinsa yana ƙaruwa da kashi 13.5 a shekara, na biyu da 11.5.

A ƙarshen shekarar farko, na farko yana da naira 1,135,000, na biyu 1,115,000. Tazarar dubu 20 ce, ba wanda zai ɗaga hankalinsa a kanta. Bayan shekara 5 ta kai kimanin dubu 160. Bayan shekara 10 na farko yana da kusan miliyan 3.55, na biyu miliyan 2.97. A shekara ta 20 kuwa, na farko ya kai miliyan 12.59, na biyu yana miliyan 8.82. Bambancin kashi 2 ya koma naira miliyan 3.77, kusan ninki huɗu na uwar kuɗin da kowannensu ya fara da ita. Mai asusu na biyu ya tashi da kashi 70 cikin ɗari na abin da abokinsa ya samu, alhali babu wanda ya karya masa doka.

Yadda tazarar ke buɗewa haka yana da dalili. Da ba a cire ko sisi ba, miliyan 1 ɗin za ta zama miliyan 16.37. Na biyu ya yi ƙasa da wannan da miliyan 7.55. Amma idan ka haɗa duk kuɗin hidimar da aka cire masa a shekarun 20, kimanin miliyan 2.38 ne kacal. Sauran miliyan 5 da ɗoriya ba su shiga aljihun manaja ba, ba su shiga na kowa ba. Riba ce da kuɗin da aka cire za su haifa da an bar su a ciki. Dubu 35 da aka cire a shekarar farko kaɗai, da ta zauna shekara 19 tana juyawa, da ta kusa dubu 500. Shi ya sa mai ajiyar wata shida ba ya jin zafin abin, sai mai tanadin karatun yara ko na tsufa.

Kashi 15 ma da muka ɗauka shekarar alheri ce. Idan asusun ya sami kashi 7, to 3.5 ta cinye rabin ribar. Idan bai sami komai ba, daga uwar kuɗin za a cira. Ga kuma tsadar kaya, wadda a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Ko a shekarar da ta tsaya a kashi 10, ribar kashi 15 ainihin ƙarin da ta yi wa mutum bai wuce kashi 5 ba, kuma 3.5 daga ciki ta tafi hidima.

Akwai abin da iyakar ba ta rufe ba. Ladan ƙwazo, wanda manaja ke karɓa idan ya zarce ma'aunin ribar da aka gindaya wa asusun, ba ya cikin 3.5 ɗin, a kai ake ɗora shi. Haka nan tarar da wasu asusun ke cira idan ka janye kuɗinka kafin mafi ƙarancin wa'adin da suka sa. A ganina nan ne mutane suka fi ruɗuwa, domin mai talla yakan ambaci ladan manaja kaɗai, ya ce kashi 1.5 ne, ya yi shiru kan sauran.

Gano gaskiyar lambar ba shi da wuya. A takardar bayanin asusu, layin `Management Fee` ladan manaja ne kawai. Wanda ake nema shi ne `Total Expense Ratio`, wato jimillar kuɗin hidima, sai kuma `Incentive Fee`, wato ladan ƙwazo, idan akwai. In ba a rubuta ba, a ɗauko rahoton shekara wanda masu bincike suka sa wa hannu, a raba jimillar abin da asusun ya kashe da matsakaicin darajar dukiyarsa a shekarar. Asusun da ya kashe miliyan 60 a kan dukiyar biliyan 2, kashi 3 ke nan.

Wajen kwatantawa kuma, a haɗa jinsi da jinsi. Asusun hannun jari ya fi na takardun bashin gwamnati ko sukuk buƙatar aiki, don haka yakan fi tsada. Ribar da asusu ke wallafawa yawanci ta bayan cire hidima ce, kada a sake cirewa sau biyu. Mai tsada yana iya cancantar kuɗinsa, amma a misalinmu sai ya riƙa zarce mai sauƙin da kashi 2 kowace shekara, har tsawon shekara 20, kafin ma su yi kunnen doki. Kafin ka sa hannu, ka nemi a nuna maka abin da asusun ya samar a shekaru biyar da suka wuce, gefe da gefe da ma'auninsa.