Yadda ake fitar da farashin hular ɗinkin hannu: tambayoyi da amsoshi

Tambaya: Malama, a Talata Mafara nake ɗinkin hula, ana kai mini Gusau a sayar. Duk hular da ta fita ina ganin kamar na ci riba, amma jarina bai taɓa ƙaruwa ba. Ina kuɗin ke shiga?

Amsa: 'Yar'uwa, mafi yawan kuɗin suna zurarewa ne ta wuraren da ba a rubutawa. Mai ɗinki takan tuna kuɗin zare domin shi ta ƙirga da hannunta ta miƙa wa mai shago, amma hula tana bi ta hannu da yawa kafin ta hau kan mai ita, kuma kowane hannu yana da ladansa. Akwai farin yadi, akwai mai zane da zai fitar da adon a jikin yadin, akwai wanda zai haɗa jikin hular da samanta idan ba ke kike haɗawa ba, sannan ga mai wanki da zai wanke ta, ya sa mata sitaci, ya ɗora ta a kan itace har ta tsaya da kyau.

Bari mu yi lissafi da hula guda mai cikakken aiki. Kuɗin da zan ambata misali ne kawai, ke sai ki sa farashin da kike gani a kasuwarku. Mu ɗauka yadi ya ci naira 700, zare ƙulli takwas a kan naira 300 ya ci 2,400, mai zane ya karɓi 500, haɗi 500, wanki da guga 700, allura da leda da abin da ba a rasa ba 200. Jimla naira 5,000 ke nan, kuma har yanzu ba a biya ki ko kwabo ba, ba a kuma biya mota ba. Wadda ta ƙirga zare da yadi kaɗai za ta ce ta kashe 3,100, don haka idan aka saya a 9,000 sai ta ɗauka ta samu kusan 6,000, alhali kusan 2,000 daga ciki sun riga sun tafi hannun wasu.

Akwai kuma wani abu da ke cin jari a hankali. Ki yi lissafin zare da farashin da za ki sayo shi gobe, kada ki tsaya kan yadda kika saye shi watanni uku da suka wuce. Idan kin sayi ƙulli a 250 amma yau ya koma 300, kika sayar bisa tsohon farashi, to kuɗin da ya dawo ba zai sayo miki zaren hula ta gaba cikakke ba, sai kin cika daga abin da kike kira riba.

Tambaya: To, lokacin da na ɓata fa? A gida nake yi, tsakanin girki da hidimar yara. Shi ma sai na sa masa kuɗi?

Amsa: Shi ne ma kaso mafi girma a cikin farashin, kuma a nan ne na fi ganin ana ƙwarar masu ɗinki, wani lokacin ma su da kansu suke ƙwarar kansu. Ido ne ke gajiya a kan wannan aiki, baya da wuya suke ƙagewa, ɗan yatsa kuma yakan yi kanta a inda allura ke zama. Kasancewar a tsakar gida aka yi shi bai mayar da shi kyauta ba.

Matsalar ita ce kwana ba ma'auni ba ne. Mace za ta ce hula ta ɗauke ta mako biyu, amma wata ranar ta yi awa biyar, wata ranar ko allurar ba ta taɓa ba saboda suna ko rashin lafiyar yaro. Abin da ya dace shi ne a ƙirga awa, a kan hula guda kawai, sau ɗaya. Ki ajiye takarda a cikin kwanon da kike zuba zare, duk lokacin da kika zauna ki duba agogon waya, idan kin tashi ki sake dubawa, ki ja layi ɗaya ga kowace awa. Wadda ba ta rubutu tana iya jefa ƙwayar wake a gwangwani. Idan hular ta ƙare, sai a ƙirga. Mu ce kin samu awa 40, wato kusan awa uku kullum har mako biyu.

Saura sanin kuɗin awa guda. A shekarar 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 a wata. Idan aka raba shi ga kwanakin aiki 22 na awa takwas takwas, awa guda tana kamawa kusan naira 400. Da wannan ma'auni, ladan hularmu zai kai 16,000. Na san kasuwar hula ba kasafai take ɗaukar wannan ba, shi ya sa nake ganin mai ɗinki ta yanke wa kanta iyakar da ba za ta sauka ƙasa da ita ba, ko da ba ta kai wancan ba. Idan kin tsayar da naira 250 a awa, ladanki 10,000 ne, hular kuma ta tashi a 15,000 tun tana cikin ɗakinki.

Amfanin wannan lissafi yana fitowa sosai idan aka juya shi. Ɗan sari ya taya 9,000. Ki cire 5,000 na kaya da 800 na mota, wanda za mu zo kansa, saura 3,200. Ki raba wa awa 40, sai ki ga naira 80 aka biya ki a kowace awa. Yanzu ki kwatanta da wata hula mai sauƙin zane, wadda ba a cike ko'ina da zare ba, wadda kayanta suka ci 3,500, ta ɗauki awa 15, aka saye ta a 7,000. Bayan an cire kaya da mota, saura 2,700, wato naira 180 a awa. Hular da ta fi arha ta ninka mai tsadar wajen biyan wahalarki. Wannan ne ya sa nake ba da shawarar a bar cikakken aiki ga wanda ya yi oda ya kuma amince da farashi tun farko, a kai mai sauƙin aiki kasuwa.

Tambaya: Kuɗin mota ya yi tsada. Ta yaya zan raba shi a kan huluna?

Amsa: Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tafiyar da a da ba a damu da ita ba ta zama abin da ke iya cinye ribar wata guda. Mota ba ta san yawan hular da ke cikin jaka ba, kuɗinta ɗaya ne ko biyu aka ɗauko ko goma. Mu ɗauka zuwa Gusau da dawowa ya ci 6,000, keke daga tasha zuwa kasuwa da ɗan abin da za a sa a baki ya ci 2,000, jimla 8,000. Wanda ya tafi da hula biyu ya ɗora wa kowace 4,000. Wanda ya tafi da goma ya ɗora 800.

Mace ɗaya ba za ta ɗinka goma a wata ba, don haka mafita ita ce masu ɗinkin unguwa su haɗa kayansu, mutum guda amintacce ya kai, a raba kuɗin tafiyar bisa yawan hular kowa. Ya kamata ya sayo zare da yadi a tafiya guda, domin kada a sake biyan mota don sayayya. Ko da ɗanki ne ko ƙaninki, a sa masa ladan yininsa a cikin lissafin, domin ranar da ba ya nan sai an biya wani. Idan ta hannun dillali za a sayar, a san la'adarsa kafin a ba shi kayan. Kafin a fita kuma a tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki, domin kowa a Zamfara ya san akwai ranakun da jinkirta tafiya ya fi alheri.

Tambaya: Wani lokacin hula takan lalace, ko mai saye ya ce tana da aibi ya rage kuɗi. Wa zai ɗauki wannan asarar?

Amsa: Idan ba a sa ta cikin farashi ba, mai ɗinki ce za ta ɗauka. Amma yawancin aibin ana iya tare shi tun kafin ya faru. Na farko shi ne zare mai zuba. Na taɓa ganin hula mai jan zare da fari, aikin sati uku, ta dawo daga wurin wanki farin ya koma ruwan hoda, ba ta kuma sayuwa ba sai a rabin kuɗinta. Kafin a fara, a jiƙa guntun zaren a ruwan sabulu, a murza shi a kan farin ƙyalle. Idan ya bar launi, a mayar da shi. Na biyu shi ne ƙarewar zare a tsakiyar aiki. Wanda za a sayo daga baya yakan ɗan bambanta, kuma ko ba a gani a ɗaki ba, ɗan sari zai fita da hular rana ya nuna miki. A sayi isasshe lokaci guda, a ƙara ƙulli ɗaya. Na uku shi ne awo. Hannun da ke jan zare da ƙarfi yana tamke yadin, sai hular da aka yanka don kai mai inci 23 ta fito 22, mai odar kuma ya ce ta matse shi. A riƙa aunawa da tef tun aikin yana rabi.

Duk da haka wata za ta lalace. Saboda ita da kuma ribar jari, a ƙara kashi ɗaya cikin goma a kan jimlar. A misalinmu, kaya da lada da mota 15,800 ne, idan aka ƙara kusan 1,600 sai ta zama 17,400.

Tambaya: Idan aka zo ciniki, da nawa zan fara?

Amsa: Ki riƙe lamba biyu a ranki. Ta farko ita ce 15,800, wadda ƙasa da ita daga ladanki ake yanka, don haka duk tayin da bai kai ta ba amsarsa "albarka". Ta biyu ita ce wadda za ki faɗa, wajen 19,000 ko 20,000, domin mai saye ya samu abin ragewa har ku haɗu kusa da 17,400 ki sallama. Wanda kika aika kasuwa ma ya san lambar farko, don kada a ruɗe shi da yamma lokacin da yake saurin samun motar komawa Mafara.

Ga mai oda kuwa, a karɓi kafin alƙalami da zai biya kuɗin kaya gaba ɗaya, wato 5,000 ɗin nan, kafin mai zane ya ɗora alƙalami a kan yadi. Lokaci ma yana da tasiri: hula ta fi daraja a ƙarshen azumi da kuma gabanin Babbar Sallah, amma a daidai lokacin masu wanki suke cika, wasu ma su ƙara kuɗi, don haka wadda take son cin kasuwar Ƙaramar Sallah ta gama ɗinkinta tun a watan Sha'aban, ta kai wanki a farkon Ramadan.