Idan Gabanka Ya Faɗi a Tsakiyar Kasuwa

Wata mata da nake dubawa a ɗakin shan maganinmu nan Jos ta yi wata bakwai ba ta taka kasuwar Terminus ba. Ranar da abin ya fara, ta je sayen atamfa ne ana saura kwana uku Sallah, tayar wata mota ta fashe a bakin titi. Ta ce nan take zuciyarta ta hau bugu kamar za ta fasa ƙirji, numfashi ya ƙi isarta, yatsunta da leɓenta suka ɗauki zuzzur, ƙafafu suka yi sanyi. Ta riƙa salati, don ta sakankance ajali ne ya zo. Bayan kamar minti ashirin abin ya sake ta. Aka auna ta a asibiti, zuciya lafiya, jini lafiya. A gida wasu suka ce iska ce, wasu suka ce tsoro ne ya yi mata yawa.

Duk wanda yake garin nan a ranar 20 ga Mayu 2014, da bama-bamai biyu suka tashi a yankin Terminus, ba zai yi wa matar nan dariya ba. Jiki yana riƙe abin da ya gani. Idan ƙwaƙwalwa ta ɗauka akwai haɗari, sai jiki ya saki sinadarin da ke shirya mutum ya gudu: zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya gajarce. Saurin numfashin ne ke jawo jiri da zuzzur ɗin yatsu, mutum kuma ya ji su ya ƙara tsorata, tsoron ya ƙara wa numfashin sauri. Wannan firgici yakan kai ƙololuwa cikin minti goma, sannan ya fara sauka da kansa. Yana da azaba ƙwarai, amma shi kaɗai ba ya kisa.

Dabarar da na koya mata ita ce ta gaɓoɓin ji guda biyar, wadda ake ƙirgawa 5, 4, 3, 2, 1. Amfaninta shi ne ta janye hankali daga sauraron bugun zuciya, ta mayar da shi kan abin da ke gaban mutum. Kafin ka fara, matsa gefe daga hanyar masu wucewa, jingina da bango ko ginshiƙin shago, riƙe jakarka a gaba. Kada ka rufe ido. A kasuwa rufe ido yana ƙara jiri, ga kuma masu yankan aljihu.

Sai ka nemi abu biyar da idonka ke gani, ka faɗi sunan kowanne da siffarsa, a ranka ko a hankali a leɓe. Nan ne akasarin mutane ke kuskure. Idan ka ce "mota, mutum, shago, titi, sama" cikin numfashi ɗaya, ba ka yi komai ba, hankalinka na nan kan ƙirjinka. Ga yadda matar nan ta gaya mini ta yi a karon farko da ta koma kasuwar, tana tsaye jikin rumfar wani mai takalma: lema ja da fari wadda gefe ɗaya ya yage, takalmin yaro shuɗi mai igiya a rataye, faranti na mai tallar ayaba, nunannu uku a sama, kwanon awo da bakinsa ya lotsa, rubutun alli a jikin ƙofar ƙarfe. Kowanne ta tsaya a kansa har ta fitar da numfashi ɗaya a hankali. Ka lura duk abubuwa ne da ke zaune wuri guda. Na hana ta kallon fuskokin jama'a da masu sauri, domin mai firgici yana karanta tashin hankali a fuskar da babu shi.

Daga nan abu huɗu da jikinka ke taɓawa. Ita ta murza gefen mayafinta ta ji zaren da ke bakinsa, ta danna tafin ƙafa cikin takalmi har ta ji ƙasa na riƙe da ita, ta dafa sanyin ƙarfen rumfar, ta shafa zoben yatsanta. A ganina wannan matakin ya fi sauran ƙarfi a cikin cunkoso, don ba ya buƙatar ka ɗaga kai. Wanda ke da carbi a aljihu ya samu abin taɓawa na kusa, kuma addu'ar da ke bakinsa ba ta hana ƙirgar.

Abu uku da kunne ke ji suna da wuya a Terminus, domin ƙarar ce ta tayar da abin tun farko. Kada ka saurari hayaniyar gaba ɗaya. Ware sauti ɗaya-ɗaya, ka fara da na kusa: muryar mai ruwan leda, ƙarar keken ɗinki a bayanka, rediyon wani shago. Sannan abu biyu da hanci ke shaƙa, ko da gasasshiyar masara ce da hayaƙin Keke Napep. In babu, sunsuna hannun rigarka. Na ƙarshe abu ɗaya da harshe ke ɗanɗana. Ita kanumfari take ƙullawa a gefen zane saboda haka. Mai azumi ya lura da ɗanɗanon bakinsa kawai, ya isa.

Zagaye ɗaya ba ya wuce minti biyu ko uku. Ta ce da ta gama na farko zuciyar na nan tana bugu, sai dai ta iya tuna inda take da abin da ta zo saya. Ta sake wani zagayen da sababbin abubuwa. Alamar dabarar na aiki ke nan: tsoron bai ɓace ba, amma ya daina hawa. Idan lissafi ya ɓace maka, koma kan biyar. Kuma ka riƙa gwada ta a tsakar gida kullum lokacin da hankalinka ke kwance, don ba a koyon iyo ranar da kogi ya kawo.

In wani ka gani cikin wannan hali, ka roƙi jama'a su ba shi iska, kada a yi masa zobe ana watsa masa ruwa. Yi magana ƙasa-ƙasa: "Baba, ina tare da kai. Gaya mini, wane launi ne buhun can?" Cewa "kwantar da hankalinka" ba ta taimaka wa wanda da zai iya da tuni ya kwantar.

Akwai inda dabarar nan ba ta da hurumi, kuma ina roƙon a riƙe wannan. Idan da gaske akwai haɗari, hayaƙi ko harbi ko turereniya, bar wurin tukuna. Idan ciwon ƙirji ne mai danna mutum kamar an ɗora masa dutse, yana sauka hannu ko muƙamuƙi, ga gumi mai sanyi, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga ko wanda ya manyanta, a nufi asibiti nan take. Haka idan mutum ya suma, ko mai asma ne numfashinsa na ƙara kamar fito. Mai ciwon suga da ke rawar jiki da gumi wataƙila sugansa ne ya faɗi, abu mai zaƙi yake buƙata. Wanda abin ya same shi karo na farko ma ya je a auna shi.

Idan kuma firgicin na dawowa, har ka fara ƙin kasuwa, ƙin shiga mota, ƙin sahun tsakiya ranar Juma'a, ƙirga kaɗai ba za ta raba ka da shi ba. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, ana magance wannan da zaman tattaunawa, wani lokaci a haɗa da magani. Matar nan can na tura ta, tana zuwa, kanumfarinta kuma har yau yana gefen zane.